Layin da ya ware: a bar wa Word ko a gyara da hannu?

Masu buga takardu a nan Maradi suna yawan tambayata wannan.

Barin wa Word ba wuya. A Paragraphe, ƙarƙashin Enchaînements, ka zaɓi «Éviter veuves et orphelines». Daga nan layin farko na sakin layi ba zai tsaya shi kaɗai a gindin shafi ba, na ƙarshe ma ba zai haura sama shi kaɗai ba. Sai dai Word tura layi yake gaba, don haka ginshiƙi ɗaya yakan fi ɗan'uwansa gajarta. Giɓin da ke buɗewa tsakanin kalmomi a siririn ginshiƙi kuwa, wannan zaɓin bai taɓa shi.

Nan hannu ya fi. A ce “tsattsauran” ta faɗa layin ƙasa ta bar na sama da ramuka: sa alama bayan “tsat”, ka danna Ctrl da -, ta tsinke a gaɓarta. Kada ka dogara da tsinkewar atomatik in an saita rubutun a Faransanci, tana iya raba ts ko sh biyu. Aikin na cin lokaci, kuma in aka ƙara jimla guda a sama, sai an sake dubawa.

Rahoton da ake ta yi wa gyara, bar wa Word. Mujalla ko littafin da rubutunsa ya kammala, hannu ya dace da shi.