Makirufon maƙalawa a riga: abin da na gani bayan zangon karatu biyu

Ajina ɗalibai 84 ne, rufin kwano babu silin, ga fankoki biyu na ta ƙugi. Kafin a tashi tara muryata ta dushe. Shi ya sa na shiga neman makirufo marar waya.

Sayen farko asara na yi. Na ɗauko irin ɗan ƙaramin nan da masu ɗaukar bidiyo ke maƙalawa a wuyan riga, wanda risibarsa, wato 'yar na'urar da ke karɓar muryar daga makirufon, ke shiga ramin cajin waya. Ashe aikinsa naɗar murya ne kawai, ba ya ɗaga ta. Da na haɗa wayar da sifika ta bulutut, sai muryar ta riƙa zuwa a makare, in rufe baki sannan a ji ƙarshen maganata. Yara suka yi ta dariya. Don haka kafin ku biya kuɗi, ku duba kan risibar: ku nemi mai kan milimita 6.35 ko 3.5, wanda zai shiga ramin da aka rubuta MIC a jikin sifikarku kai tsaye.

Na biyun mai UHF ne, wato mai aika murya ta zangon rediyo, da ɗan akwatin da ake ratayawa a ƙugu. Murya na fita nan take, kuma har ƙarshen aji ba ta yankewa. Sai dai da na maƙala shi a ƙirji, wajen taƙi ɗaya daga bakina, yakan kwashi komai: fanka, surutun 'yan layin gaba, har gogar mayafina. In na ƙara murya don na baya su ji, sai sifikar ta saki wata ƙara mai huda kunne, domin makirufon yana sake ɗaukar abin da ke fitowa daga cikinta. In na juya ina rubutu a allo ina waiwaye, maganar ta yi ƙasa.

Abin da ya cece ni shi ne na ratayawa a kunne da ya zo cikin kwalin, wanda da farko na raina. Yana tsayawa a gefen baki, tazarar yatsu biyu. Da yake yana kusa, muryata ta rinjayi hayaniyar, har na rage ƙarar sifikar sosai amma ana ji. Sifikar kuwa na ɗora ta kan kabad a gefe, tana fuskantar ɗalibai, kuma na daina gittawa ta gabanta.

Batir yana kai ni darasi biyar; in ya fara rauni za a ji shuu da tsinkewar magana, sai in sauya, don kullum akwai AA biyu a jakata. Wayar makirufon da ke shiga akwatin siririya ce, tawa ta tsinke daga ciki a wata na huɗu, na sayi wata.

Duk malamin da ajinsa ya kai nawa, ya sayi saitin da ke da na kunne a ciki, kuma ya gwada shi da sifikarsa tun a shago.