Photopea, Photoshop ko manhajar waya: wacce za ka ɗauka don rina gashi a hoto?

Idan kana da shagon hoto a Ringim, Gumel, Dambatta ko Rano, ka san aikin da ya fara yawa: mai kitso ta turo hoton kalaba ko dogon kitso na gashin doki, tana so a mayar da ƙarshensa ruwan zuma ko ruwan goro, saman ya zauna baƙi, don ta buga bana ko ta nuna wa kwastomomi kafin ta yi odar kaya daga Kano. Shi ne ombire. Wata kuma layi-layin haske kawai take so a cikin gashin. Kayan aikin da ke fitar da wannan da kyau shi ne Gradient Map tare da maski, sai dai ba kowace manhaja ce ke da su yadda ya kamata ba. Kafin ka kashe kuɗi ko data, ga abin da za ka duba.

Gradient Map ba fenti yake shafawa ba. Yana duba hasken kowane ɗigo na hoton ne, ya ba wuri mafi duhu launin da ke gefen hagu na jerin launukanka, ya ba wuri mafi haske launin da ke dama, na tsakiya kuma su sami na tsakiya. Shi ya sa ƙyallin gashi da inuwar da ke tsakanin kitso ba sa ɓacewa. Maski kuwa kamar salatif ɗin masu ƙunshi ne: inda ka rufe da baƙi launi ba ya kamawa, inda ka bari fari ya kama, ruwan toka kuma ya kama rabi-rabi.

Ni gwajina guda ɗaya ne ga kowace manhaja: za ta bar ni in ɗora maski biyu a kan launi ɗaya, in kuma dawo gobe in canza launin ba tare da na sake zagaye gashin ba? Maski na farko shi ne siffar gashin. Na biyu shi ne inda rinin zai fara da inda zai ƙare. Idan aka cakuɗa su wuri ɗaya, ranar da Hajiya ta ce "ɗan sauko mini da shi ƙasa kaɗan, ya hau kai da yawa", aikin awa guda ya tashi a banza. Kuma za ta faɗa, ban taɓa ganin wadda ba ta faɗa ba.

A wannan gwajin Photopea ce gwanata. Kyauta ce, a cikin burauza take buɗewa, ba a girka komai, tana buɗe fayil ɗin PSD tana kuma adana shi. Tsarinta kusan na Photoshop ne, don haka duk darasin da ka kalla na Photoshop zai yi maka amfani. Abin da ya fi burge ni shi ne a cikin kwamfutarka take sarrafa hoton, ba ta ɗora shi a wani wuri. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, domin hoton mace kai ba ɗankwali amana ce aka ba ka. Aibinta biyu: tana buƙatar sabis kafin ta buɗe, kuma talla na cin gefen dama na sikirin. Amma da zarar ta buɗe, ko sabis ya ɗauke kana iya ci gaba da aiki muddin ba ka rufe shafin ba. Ka dai riƙa yin File > Save as PSD a kai a kai, saboda wuta da batir ba su da alƙawari.

Ga yadda aikin yake a kan hoton dogon kitso mai kaiwa ƙugu. Da farko ka zaɓi gashin da Quick Selection, ka gyara bakinsa da Refine Edge. Ka buɗe sabuwar folda a jerin leyoyi, ka ɗora mata wannan zaɓin a matsayin maski. A cikin foldar sai ka saka Layer > New Adjustment Layer > Gradient Map. Yanzu launi ba zai fita daga gashin ba ko me ka yi.

Nan ne mutane da yawa ke cewa manhajar ba ta aiki. Gashinmu baƙi ne. Ma'aunin haske yana tafiya daga 0 zuwa 255, kuma kusan duk gashin yana cunkushe a kashi ɗaya cikin huɗu na farko. Idan ka raba launukanka daidai wa daida daga hagu zuwa dama, gashin ba zai taɓa kaiwa wurin launi mai haske ba, sai ka ga wani ruwan ƙasa mai dauɗa. Dole ka turo launukan zuwa hagu. Ga jerin da nake farawa da shi don ruwan zuma:

```
0%    #120A06
15%   #4A2410
35%   #A8642A
60%   #E6B873
100%  #FFF1D6
```

Ba doka ba ce, hasken kowane hoto daban ne. Idan har yanzu ya yi duhu, ja na 35% zuwa 25%. Amma kada ka taɓa haskaka na 0%. Wannan duhun shi ke raba wannan kitso da na kusa da shi. Ka haskaka shi, kan ya koma dunƙule ɗaya kamar an zana da alli. Bar yanayin leyar a Normal ka rage Opacity zuwa 70% ko makamancin haka. Yanayin Color ba zai yi maka komai ba a nan, domin launi kawai yake canzawa ba ya ƙara haske, baƙi kuma baƙi ne ko wane launi ka ba shi.

Sai ombiren kansa. Danna maskin da ke jikin Gradient Map, ɗauki Gradient Tool mai tafiya daga baƙi zuwa fari, ka ja layi daga daidai kunne zuwa ƙasan kafaɗa kaɗan kana riƙe da Shift. Sama ya zauna baƙi, ƙasa ya rinu, tsakiya ya narke. Layi gajere yana ba da canji mai kaifi, irin na gashin doki mai launi biyu. Dogo kuma ya fi kama da rini na hannu. Bayan haka ka ɗauki buroshi mai laushi, Flow kamar 10%, ka ɗan hau da farin a wasu kitson ka sauko da baƙin a wasu, don kada iyakar ta miƙe sambal. Layin haske ma haka ake yi: ka cika maskin da baƙi, ka riƙa jan fari a kan kitson da haske ya riga ya faɗa wa, kana bin inda gashin ya kwanta.

Kafin ka miƙa aiki, riƙe Alt ka danna maskin foldar ka kalle shi tsirara. Wurare uku ne ke tona asiri: tsagar kitso inda fatar kai ke bayyana, bakin kunne, da kafaɗa inda gashi ya kwanta a kan atamfa. Fatar kai ta fi gashi haske, saboda haka ita ce ke fara komawa ruwan gwal. Sai ka bi tsagar da ƙaramin buroshi baƙi.

Photoshop tana yin duk wannan, kuma wajen tsinto siraran gashi ta fi kowa, ba na musu. Amma haya ake biya duk wata ko duk shekara, kuma shagon da rabin cinikinsa hoton fasfo ne ba zai ɗauki wannan don rina gashi ba. Krita kyauta ce, ba ta neman sabis ko kaɗan, tana da Gradient Map a Filter Layer. Idan garinku sai an hau tudu ake samun sabis, ita za ka ɗauka, ka yi haƙuri da wahalar zagaye gashi. Affinity ta zama kyauta a ƙarshen 2025 bayan Canva ta saye ta a 2024, tana da kyau, amma tsohuwar laftof za ta sha wahala da ita. GIMP kuwa, kafin ka gama shirya launuka biyar ɗin nan a cikinta shayinka ya huce. Snapseed ba ta da Gradient Map ma sam. Manhajojin waya masu "canza launin gashi da dannawa ɗaya" ba su san kitso ba, har goshi suke rinawa.

Yanzu batun 'yan damfara, wanda shi ya fi ci mini rai. Adobe ta daina fitar da sabuwar Photoshop ta saye-sau-ɗaya tun bayan CS6 ta 2012. Daga 2013 haya ce. Duk wanda ya ce maka yana da sabuwar Photoshop "ta har abada" a filash ko a WhatsApp, ko dai fasasshiya ce ko kuma asusun wani ne da aka raba wa mutum goma. Wani mai gyaran kwamfuta ya taɓa girka mini irinta yana rantsuwa ta asali ce, ya ce in kashe rigakafin kwamfutar kafin ta shiga. Ba a jima ba laftof ɗin ta fara nauyi, shafuka na buɗe kansu, a ƙarshe sai da aka wanke ta gaba ɗaya, hotunan bikin mutane suka tafi. Duk manhajar da sai an kashe rigakafi kafin ta shiga, ka ce masa ya riƙe abinsa. Haka ma manhajojin waya da aka "buɗe" ake turawa ta Xender: ka ba su izinin shiga hotunanka, ba ka san wanda ya taɓa cikinsu ba, ga hotunan matan mutane a wayar.

Akwai kuma masu sayar da tarin launuka na .grd, ɗari biyar a dunƙule. Yawancinsu an shirya su ne don gashi mai haske, a kan namu ba sa fitowa sai ka sake jan su hagu, to me ka saya? Mai sayar da laftof ta hannu shi ma ka sa masa ido. Buɗe hoton baƙin gashi, ka ɗan karkata murfin gaba da baya. Idan duhun yana canzawa, wani lokaci ya toshe wani lokaci ya yi fari-fari, sikirin ɗin TN ne, kuma a kansa ba za ka taɓa sanin ainihin abin da maskinka ya bari ba sai bana ta fito daga inji. Nemi mai sikirin IPS, wanda duhunsa ba ya canzawa sosai idan an karkata shi, ko da ƙwaƙwalwarta ta ɗan gaza.

Hoton da aka turo maka shi ma kaya ne, ka duba shi kafin ka yi ciniki. WhatsApp yana matse hoto, kuma wurin duhu ya fi cutuwa. Da ka shimfiɗa launuka a kan wannan ɗan duhun, sai ƙananan murabba'ai su fito ɓaro-ɓaro a cikin gashin, babu manhajar da za ta ɓoye su. Ka ce ta turo shi ta Document, ko ta sake ɗauka a inuwa da safe, hasken yana zuwa daga gefe. Ka kuma gaya mata a fili ta rubuta "samfuri" a jikin banar, domin amaryar da ta ga ruwan zuma a hoto za ta zo neman irinsa a kanta, baƙin gashi na gaske kuwa ba ya kaiwa wannan launin sai an fara kore baƙinsa da sinadari.