Arp ko nmap: da wanne za a ƙirga na'urorin da ke kan wayfai na gida?

A gidajen hayarmu na Jidda da Makka, inda iyalai biyu ko uku kan haɗa kuɗi su biya layin intanet ɗaya, lambar sirrin wayfai ba ta daɗewa a hannu ɗaya. Mai son sanin waɗanda ke kan layin yana da zaɓi, amma hanyoyin ba ɗaya suke ba.

Umarnin `arp -a` yana cikin Windows, macOS da wasu kwamfutocin Linux, sai dai ba ya bincike. Yana nuna na'urorin da kwamfutarka ta yi magana da su kwanan nan ne kawai, tare da adireshi irin su `224.0.0.22` waɗanda ba na'urori ba ne. Dogaro da shi ya taɓa sa na wanke maƙwabcin da ke shan datarmu. Shi kuwa `arp-scan` yana aiki, amma na mutanen Linux ne.

Zaɓina shi ne nmap, manhajar binciken na'urorin da ke kan layi, wanda Gordon Lyon ya fitar a 1997. Da farko a duba adireshin kwamfuta da `ipconfig` a Windows ko `ip addr` a Linux. Idan an ga `192.168.8.105`, kamar yadda ake gani a kan rauta ta Huawei mai sim, sai a rubuta:

```
sudo nmap -sn 192.168.8.0/24
```

Wannan yana tambayar adireshi 256 ta hanyar ARP, wato tambayar da na'urori ke yi don gano mai riƙe da kowane adireshi a layi, kuma wayar da ke ƙin amsa `ping` ma dole ta amsa wannan, domin in ta ƙi, rauta ba za ta iya kai mata saƙo ba. Kada a bar `sudo`, don in babu shi nmap ba zai nuna adireshin MAC, wato lambar shaidar na'ura a kan layi, da sunan kamfanin da ya ƙera na'urar ba. A Windows ba a rubuta `sudo`, amma ana bukatar ƙarin manhaja mai suna Npcap.

A ce gidan na da na'urori tara, amma nmap ya nuna goma sha ɗaya. Rauta ce ta goma. Idan ta ƙarshen ta fito da `Unknown`, a dubi alama ta biyu a adireshin MAC ɗinta: in 2, 6, A ko E ce, adireshin ƙirƙirarre ne, kamar yadda wayoyi ke yi tun Android 10 da iOS 14, don haka tana iya zama wayar ɗan gida. A kashe wayfai a wayoyin gida ɗaya-ɗaya ana maimaita umarnin kafin a zargi kowa. Wayar da ta yi barci takan ɓace daga jerin.

A yi hattara da jabu. Kyauta ake samun nmap a `nmap.org`, saboda haka duk mai sayar da wai cikakken samfurinsa macuci ne, haka ma fayil ɗin da ake turawa a WhatsApp da sunan manhajar kama ɓarawon wayfai, musamman wanda ya nemi lambar sirrin rauta ko ya ce a kashe rigakafin bairos. Kuma a tsaya a layin gida: dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta hukunta shiga tsarin wani ba da izini ba, don haka kada a gwada wannan a otal ko wurin aiki.