Zotero, Mendeley, EndNote ko rubutun hannu: wanne ya fi dacewa da babin littafi mai edita?

Duk wanda ya taɓa duba kundin digiri ya san cewa a jerin manazarta babu abin da ya fi yawan fitowa a karkace kamar babin da wani ya rubuta a cikin littafin da wani daban ya tace. Dalili kuwa shi ne, irin wannan madogara tana ɗauke da sunaye iri biyu da take iri biyu: akwai marubucin babi da editan littafi, akwai taken babi da taken littafi, sannan ga lambobin shafukan da babin ya fara da inda ya ƙare. Saboda haka, kafin ɗalibi ya sa kuɗinsa ko lokacinsa a kan wata manhajar tsara manazarta, ya kamata ya gwada ta da babi guda ɗaya tukuna, domin a nan ne ake gane mai aiki da mai ado.

Babin da zan yi gwaji da shi sananne ne ga ɗaliban harshe, wato wanda Paul Newman ya rubuta a kan Hausa da harsunan Cadi a cikin littafin manyan harsunan duniya da Bernard Comrie ya tace. Na zaɓe shi ne saboda ya fito fiye da sau ɗaya. A bugun farko na 1987, wanda kamfanin Croom Helm ya fitar a Landan, babin yana shafi na 705 zuwa 723, amma a bugu na biyu na 2009, wanda Routledge ya fitar, yana shafi na 618 zuwa 634. Wanda bugu na biyu ke hannunsa, ga yadda zai rubuta a tsarin APA na bakwai:

```
Newman, P. (2009). Hausa and the Chadic languages. In B. Comrie (Ed.),
The world's major languages (2nd ed., pp. 618–634). Routledge.
```

A lura da cewa sunan marubuci ya zo a juye, sunan ƙarshe a gaba, amma na edita bai juya ba, harafin farko ne ya riga. Taken littafi ne ake karkatar da rubutunsa, ba taken babi ba, lambar bugu da shafuka suna cikin baka ɗaya, kuma ba a sa garin da aka buga littafin ba, domin APA na bakwai ya daina neman hakan. Idan editocin sun kai biyu ko fiye, `(Ed.)` yakan koma `(Eds.)`. A cikin matanin aiki kuwa Newman za a ambata da shekarar 2009, ba Comrie ba, tun da maganar Newman aka ɗauko. Kuskuren da ya fi ɓoyuwa a nan shi ne a haɗa shekarar 2009 da shafukan 705 zuwa 723, wanda yakan faru idan mutum ya karanta sabon bugu amma ya kwafo shafukan daga manazartar wata tsohuwar maƙala. Siffar madogarar za ta fito tsaf, sai dai duk wanda ya buɗe littafin a wannan shafi ba zai tarar da babin ba.

Hanya mafi sauƙi da ɗalibai ke bi ita ce maɓallin `Cite` na Google Scholar, kuma ita ce mafi rauni a kan babi. Bayanan da yake bayarwa na'ura ce ta tsinto su, shi ya sa sau da yawa sunan edita ba ya fitowa ko kaɗan, taken littafi kuma ya zauna a gurbin sunan mujalla. Ana gane hakan da kallo ɗaya: idan babu kalmar `In` bayan taken babi, kuma shafuka sun zo tsirara ba tare da `pp.` ba, to an ɗauki babin a matsayin maƙalar mujalla. Yana da amfani wajen gano cewa babin yana nan, amma ban ga dalilin da zai sa a dogara da shi wajen rubuta madogara ba.

Na biye da shi shi ne abin da ke cikin Microsoft Word, a ƙarƙashin `References`, wanda ba ya buƙatar ƙarin kuɗi ko intanet. Yana da nau'in `Book Section`, amma akwai tarko a ciki: gurbin da ke fitowa a fili shi ne `Book Author`, mutane kuma sukan zuba sunan edita a wurin, sai madogara ta fito babu `(Ed.)`, kamar editan ne ya rubuta littafin gaba ɗaya. Gurbin `Editor` yana bayyana ne idan an danna `Show All Bibliography Fields`. Babbar matsalarsa kuwa ita ce APA ɗin da ke cikinsa na shida ne, don haka zai ci gaba da sa sunan gari, wanda sashen da ke bin na bakwai zai ce a cire.

Zotero kyauta ce, tana aiki a kwamfuta ko babu intanet, kuma tana ba da megabayit 300 na ajiyar fayiloli a yanar gizo ba tare da biya ba, alhali bayanan manazarta kansu ba a ƙayyade yawansu ba. Abin da ya sa na fifita ta a kan babi shi ne yadda take rarrabe mutane. Idan aka zaɓi `Book Section`, kowane suna yana da ɗan zaɓi a gefensa, inda za a ce wannan `Author` ne, wancan `Editor`, wani kuma `Series Editor`. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin manyan kamfanonin ɗab'i sukan jera littafi a cikin wani jerin littattafai mai nasa editan, sunansa kuma yakan zo a shafin da ya riga shafin take, har wanda bai lura ba ya ɗauke shi a matsayin editan littafin. A misalinmu, Newman zai shiga `Author`, Comrie ya shiga `Editor`, taken babi ya shiga `Title`, na littafi ya shiga `Book Title`, a rubuta 2 kawai a `Edition`, sannan 618-634 a `Pages` ba tare da ƙara `pp.` ba, domin manhajar ce za ta ƙara, idan kuma aka rubuta da hannu zai iya fitowa sau biyu. Da zarar bayanan sun zauna daidai, sauya tsari ba ya ɗaukar minti guda. Ga abin da MLA na tara yake nema daga bayanan nan guda:

```
Newman, Paul. "Hausa and the Chadic Languages." The World's Major Languages,
edited by Bernard Comrie, 2nd ed., Routledge, 2009, pp. 618-34.
```

Zotero ma tana da inda take tuntuɓe. Idan aka ba ta lambar ISBN, littafin gaba ɗaya za ta kawo, ba babin ba, wani lokaci kuma ta sa edita a gurbin marubuci saboda haka kundin ɗakin karatun da ta ɗauko daga ciki ya rubuta. Idan aka ba ta DOI na babin, takan kawo shi a matsayin babi, amma sau da yawa babu edita, saboda kamfanin da ya yi rajistar lambar bai shigar da shi ba. Haka kuma umarnin `Sentence case`, wanda ake amfani da shi don daidaita take da tsarin APA, bai san sunan yanka ba, zai mayar da Chadic ya koma da ƙaramin harafi, sai an gyara da hannu. Ga mai ambaton babin da aka rubuta da Hausa, yana da kyau ya sa `ha` a gurbin `Language`, domin hakan ne zai hana manhajar ɗora wa ƙananan kalmomi irin su "da" da "na" manyan haruffa idan aka koma MLA.

Mendeley mallakar Elsevier ce tun 2013, kyauta ce ita ma, kuma ajiyarta ta fi yawa, gigabayit 2. Tun da aka daina bayar da tsohuwar `Mendeley Desktop` a watan Satumba na 2022, sabon tsarin ya fi jingina da shiga asusu da intanet, abin da ya kamata mai fama da tsadar data da ɗaukewar wuta ya yi la'akari da shi. Abin da take alfahari da shi shi ne tsinto bayanai daga fayil ɗin PDF, wanda ke aiki sosai a kan maƙalun mujallu, amma a kan babi yakan gaza, tun da sunan edita ba ya cikin shafukan babin. EndNote kuwa ta kamfanin Clarivate ce, ana sayenta da dala, kuma tana tsara babi daidai muddin an zaɓi `Book Section` maimakon `Edited Book` kuma an rubuta kowane edita a layinsa. Idan jami'a ta riga ta biya lasisi, a yi amfani da ita, amma ban ga abin da take yi wa babi wanda ya cancanci ɗalibi ya biya daga aljihunsa ba.

Akwai wurin da duk waɗannan ba su da abin cewa, wato littattafan da ake bugawa a gida, irin na karrama malamai da kundayen taron ƙara wa juna sani da ke fitowa daga Zariya, Kano ko Sakkwato. Da yawansu ba su da DOI, editocinsu kan kai uku ko huɗu, ɗalibi kuma yakan yi hoton babin kaɗai a shagon kwafi ya mayar da littafin, sai bayan wata shida ya rasa wanda ya tace shi. Maganin wannan ba manhaja ba ce: ranar da aka yi hoton babi, a haɗa da shafin take, da bayansa inda shekara da bugu suke, da shafin ƙumshiya. Daga shafin take ake ɗaukar sunayen editoci bisa jerin da suka zo, ba bisa abacada ko girman muƙami ba, a kuma zubar da Farfesa da Dakta da Alhaji. Shafukan kuwa daga jikin babin ake karanta su, har da manazartarsa, domin ƙumshiya mafari kawai take nunawa, kuma lambar da manhajar karanta PDF ke nunawa a sama takan zarce wadda aka buga a takarda saboda shafukan gabatarwa masu lambobin Romawa.

Wanda madogaransa ba su wuce ashirin ba, kamar mai rubuta jinga ko maƙala guda, rubutun hannu da littafin a gabansa ya fi masa sauri. Mai kundin digiri na biyu ko na uku ya ɗauki Zotero. Idan kundin da Hausa ake rubuta shi, kuma sashe yana son "A cikin" da "Edita" a maimakon `In` da `Ed.`, sai ya bari sai an kammala komai, ya ajiye kwafi ɗaya, ya danna `Unlink Citations` a ɗayan, sannan ya sauya kalmomin, domin idan ya gyara tun kafin nan, manhajar za ta iya mayar da su yadda suke a duk lokacin da ta sabunta jerin.