Agogon nan kira yana shigowa amma saƙo shiru, ga yadda na gyara nawa

Wata huɗu kenan da na sayi agogon zamani ɗin nan mai haɗuwa da waya, kuma gaskiya batir ɗinsa ba laifi, yana kai min kwana biyar. Sati biyun farko komai lafiya lau, saƙon WhatsApp na shigowa sai in ji girr a hannu. Daga baya kawai ya yi tsit. Abin haushin ma bulutut na nuna suna haɗe, kira na shigowa har in amsa ta agogon, amma saƙo ko ɗaya babu, har wani kwastoma ya turo min oda tun azahar ban gani ba sai bayan isha'i.

Ashe hanyar kira daban, ta saƙo daban. Kira kai tsaye yake bi ta bulutut kamar na iyafis, shi kuwa saƙo sai manhajar agogon da ke cikin waya ta karanta shi sannan ta tura. To wayata Android ce, tana kashe manhajar a ɓoye wai don ta rage cin caji, ita kuma in ta mutu ba ta tashi da kanta.

Na shiga setin na nemo Notification access, na tarar a kunne yake, nan ne ma yake yaudarar mutum. Na kashe, na ɗan jira, na sake kunnawa, sai ga saƙo nan take. Kwana biyu kuma ya koma gidan jiya. Sai da na shiga App info na manhajar, wajen Battery na maida shi Unrestricted, na kunna mata Autostart, na kuma sa mata kwaɗo a jerin manhajojin da ke buɗe saboda ni mutum ne mai yawan share su duka, da hannuna nake kashe ta ban sani ba.

Na ƙanwata kuwa maɓallin Notification access ɗin ma ƙin taɓuwa ya yi, don turo mata manhajar aka yi ba daga Play Store ta sauke ba, kuma tun daga Android 13 ana kulle wannan izinin ga irin su. A App info ka danna ɗigo ukun nan na sama ka zaɓi Allow restricted settings.

Sau ɗaya na yi riset gaba ɗaya bayan wayar ta yi ofdet. Na cire agogon daga cikin manhajar, na yi Forget a bulutut, na goge agogon, sannan na haɗa su ta cikin manhajar, ba ta setin ɗin bulutut ba. Lissafin takuna na ranar ya tafi, hoton fuskar agogon ma sai da na sake sawa. In za ka gwada, kulle wayar tukuna kafin a turo maka saƙon, nawa ba ya girgiza in sikirin na kunne.