Jama'a a kula da masu sayar da takalmi mai ɗinkin ƙarya

Wallahi abin nan ya ƙona min rai, shi ya sa na ce bari in faɗa kada wani ma ya faɗa. Akwai wani mai sayar da takalma sau-ciki a onlayin, yana ta tallan wai ɗinkin hannu ne, fata zalla, in tafin ya cinye sai a canja wani. Na saya, ko wata biyu ban yi ba ruwa ya taɓa shi sau ɗaya, gaban ya buɗe baki.

Da na kai wa shumeka ko basilla bai ɗauko ba, farce kawai ya sa ya ja wannan siririn bakin da ya zagaye takalmin sai ga shi ya ɗaye gaba ɗaya da zarensa a jiki. Ashe roba ce da aka yi wa ɗinki tun kafin a manna ta da gam, zaren bai riƙe komai ba, ado ne kawai. Ya ce min, Malam juya ƙasan ka gani. Sama ɗinki reras, ƙasa ko huda ɗaya babu.

Ga abin da ya nuna min. In ɗinkin gaske ne zaren da ka gani a sama shi ne ya ratsa ya fito a ƙasa, to ka ƙirga, in sama guda takwas ne a inci ɗaya ƙasa ma takwas za ka samu kuma suna kan layi ɗaya, in ka ga sama takwas ƙasa biyar to kowanne daban aka yi shi. Wani ma ba zare ba ne sam, zanen zare ne aka fitar a jikin robar, ka karce da farce za ka ji ba ya motsi. Gaskiya akwai na ƙwarai da ake ɓoye ɗinkinsu a ƙasa, shi ya sa sai ka ɗaga shimfiɗar ciki. Wani nau'in za ka ga zare ya zagaye ta ciki, wani kuma fata mai kauri za ka tarar. Nawa kwali na tarar, ya jiƙe ya yi laushi.

Kuma nan ne matsalar gyara take. Mai ɗinkin gaske ana farke tafin a sa sabo, saman bai san an yi ba. Nawa kuwa, shumekan ya ce zai iya sake sa gam amma ɗinki ba zai kama ba, kwali ba ya riƙe zare.

Ni ba na ƙin takalmin gam, akwai masu kyau, amma a sayar min da shi da sunansa. Na tura wa mai sayar da takalmin hoton kwalin, ya karanta, ya yi bulokin ɗina, kuma har yau tallan na nan bai cire ba.