Kwalin ORS da zinki: ya farfaɗo min da yaro, amma ina da ƙorafi

Wannan ƙaramin kwalin da ake sayarwa a kemis, mai leda biyu na garin ORS da ƙwayar zinki goma a ciki, na daɗe ina raina shi. Gani nake ruwan gishiri da sukari ne kawai aka yi wa ado don a karɓi kuɗinmu. Da auta na, mai wata 20, ya kamu da gudawa a farkon daminar nan, sai ga shi kwalin ya ba ni mamaki, har na ce bari in rubuta. Amma kada wadda ta karanta ta ɗauka yabo ne zalla, domin akwai abin da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Gudawar ruwa ce tsululu, babu jini, babu majina. Hajiya, surukata, ta ce haƙori ne zai fito, a bar shi zai wuce. Washegari yaron da ba ya zama wuri ɗaya ya koma sai kuka da rigima, ido ya faɗa, in ya ga kofi sai ya fizge kamar zai haɗiye shi, kuma tun safe bai jiƙa wando da fitsari ba. Babansa ya biya kemis ɗin bakin titinmu ya sayo kwalin. Yaron shagon ya haɗo masa da filajil na ruwa, ya kuma ce a juye leda ɗaya a cikin fiya wata ɗaya a girgiza. Allah ya taimake ni ban haɗa ba, domin yanayin yaron ya tsorata ni, na goya shi na zuba kayan a jaka muka nufi ƙaramin asibitin unguwa.

Sistar da muka samu ta ɗaga rigarsa ta matsi fatar cikinsa ta saki. Fatar ta koma, amma a hankali. Ta ba shi ruwa ya sha da zalama. Ta ce ruwan jikinsa ya ragu, sai dai bai kai na ƙarin ruwa ta jijiya ba, za a iya mayar da shi ta baki. Da na faɗa mata yadda aka ce mu haɗa, sai ta juya ledar ta nuna min lita 1 a rubuce. "Maman yaro, fiya wata rabin lita ce. Guda biyu za ki juye, ba ɗaya ba." Ta ce in ruwan ya yi rabi, gishirin ya ninka ke nan, maimakon hanji ya tsotsi ruwa sai haɗin ya riƙa janyo ruwan jiki zuwa cikin hanji, gudawa ta ƙaru, gishiri ya yi yawa a jini, har yaro ya iya jijjiga. Filajil ɗin kuwa ta ce in mayar jaka, gudawar ruwa irin wannan ba ta buƙatarsa.

Ta ɗora shi a sikeli, kilo 10. Lissafin nasu shi ne mililita 75 ga kowane kilo, a shanye cikin awa huɗu. Nasa ya kama mililita 750, wato kashi uku cikin huɗu na litar da aka haɗa. Da na ji na ce wannan yaron da ko nono yake sha yana amayarwa, ina zai kai wannan ruwan? Ta miƙo min cokalin shayi ta ce ba da kofi zan ɗura masa ba, cokali ɗaya duk bayan minti ɗaya zuwa biyu. Cokalin yana cin mililita 5, saboda haka cokali 150 ke gabana. Na zauna a benci na fara.

Ba a yi nisa ba ya kwaro amai, na ce shi ke nan, abin bai karɓe shi ba. Sista ko gezau. Ta ce in dakata minti goma, sannan in ci gaba a hankali fiye da da, cokali ɗaya duk minti biyu zuwa uku, kuma in ya nemi nono in ba shi. Ta ce abin da ya amayar bai kai abin da ya zauna a ciki ba. Haka muka yi ta yi, hannuna ya ƙage, bayana ya riƙe. Wajen awa ta uku sai na ji ɗumi a cinyata, ya yi fitsari. Ban taɓa murnar yaro ya ɓata min zani ba sai ranar. Kafin awa huɗun su cika idon ya ciko, ya daina fizgar cokali, har ya zame daga jikina yana son taɓa sikelin. Babu allura, babu ledar ƙarin ruwa. Wallahi a lokacin da an ce in ba kwalin nan maki, da na cika masa.

Sista ta yi min bayanin dalilin da ba ruwa zalla ake bayarwa ba. Sukarin gulukos da ke cikin garin shi ke jan gishiri ya ratsa bangon hanji, ruwa kuma ya bi su, ko da gudawar na ci. Shi ya sa ma'aunin yake da muhimmanci, kuma shi ya sa lemon kwalba ko ruwan da aka cika wa sukari ba ya maye gurbinsa, ƙara gudawar ma yake. Ledar da ake sayarwa yanzu ita ce mai sauƙin gishiri da sukari, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a riƙa haɗa ta da zinki tun 2004.

Da za mu tafi ta ba ni ƙa'idar gida, wadda ta dogara da shekaru. Yaron da bai kai shekara biyu ba, irin nawa, mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, wato cokalin shayi 10 zuwa 20. Daga shekara biyu zuwa goma, mililita 100 zuwa 200. In ya nemi ƙari a ba shi. A ci gaba har gudawar ta tsaya, kuma kada a hana shi nono da abinci. In fatar idonsa ta kumbura, ya sha ya isa, a dakata da ORS a ba shi nono da ruwa.

A gida ne farin cikina ya fara raguwa. Abu na farko, ORS ba ya tsayar da gudawa, kuma babu inda kwalin ya faɗi haka da harshen da Hajiya za ta ji. Duk wandon da na canza sai ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ruwan naku bai yi komai ba, a nemo maganin gaske." Da ƙyar na fahimtar da ita cewa aikinsa mayar da abin da ya zube ne, gudawar ita da kanta za ta lafa cikin 'yan kwanaki. Takardar ciki Turanci ce, rubutun ƙanana ƙwarai, babu Hausa ko layi ɗaya, babu zanen fiya wata biyu, babu kofin awo. Da an zana ledar ruwa biyu a jikin kwalin, da yaron kemis bai kusa jefa mu cikin masifa ba. Kuma ba kowace leda ce ta lita ɗaya ba, akwai masu ƙaramin awo, saboda haka a duba jikin wadda aka saya.

Na biyu, leda biyu sun yi kaɗan. Abin da aka haɗa in ya kai awa 24 zubarwa ake yi, ko da ya rage da yawa. Ta farko ta kusa ƙarewa a asibiti, ta biyu ta yi min yini da kwana, gudawar kuma ba ta tsaya ba, dole aka koma kemis. Na yi tunanin raba garin gida biyu in haɗa rabin lita, sista ta riga ta hana, ta ce da ido ba a raba shi daidai.

Zinki kuwa shi ya fi wahalar da ni. Ƙa'idar da ke jikin kwalin: yaro daga wata shida zuwa sama ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 kullum, wanda bai kai wata shida ba rabin ƙwaya, miligiram 10, tsawon kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya a kwana na uku. Narkewar tana da kyau, na yarda. In ka sa ta a cokali da ɗan ruwa ko ruwan nono, nan da nan ta zama kunu. Amma ɗanɗanon ƙarfe-ƙarfe gare ta a ƙarƙashin zaƙin, kuma ranar da aka ba shi da sassafe cikinsa wayam, bai yi minti goma ba ya dawo da ita. Sista ta ce in aman ya zo cikin rabin awa a sake ba shi wata, kuma a riƙa bayarwa bayan ya sha koko ko ya ci ɗan fate. Hakan ya yi aiki, aman bai sake dawowa ba. To amma ƙwaya goma ce cif a kwalin. Ɗaya ta tafi a amai, ta yaya za a cika kwana goman? Don ƙwaya ɗaya sai da muka sayi wani katin gaba ɗaya.

Ashe aman zinki sananne ne. Wani bincike da aka yi a Indiya da Tanzaniya, aka wallafa a 2020, ya gwada miligiram 5 da 10 da 20 a kan yara 'yan wata shida zuwa ƙasa da shekara biyar, aka ga ƙananan ma'aunan sun yi aiki daidai da babban, kuma amai ya fi ƙaranci. Amma ƙwayar da ke kasuwarmu mai 20 ce, kuma ni ba zan ce wa kowa ta rage da kanta ba. In yaronki na amayarwa, ki tambayi ma'aikaciyar lafiya.

Cika kwanakin ma wani aiki ne, domin da yaro ya miƙe yana wasa kowa a gidan mantawa yake. Na daure ne saboda an ce min zinkin yana rage tsawon gudawar, yana gyara bangon hanji, yana kuma rage yiwuwar dawowarta cikin wata biyu zuwa uku masu zuwa. Cin abincinsa dai ya dawo da wuri, har na ƙara masa ci ɗaya a rana tsawon sati biyu kamar yadda aka umarce ni.

Akwai inda kwalin nan ba shi da hurumi. Jini a kashi, zazzaɓi, amai ba tsayawa, yaro ya ƙi sha ko ya kasa, ya yi laƙwas yana barcin da ba a iya tashinsa sosai, fatar ciki in an matsa ta wuce daƙiƙa biyu ba ta koma ba, ko kwana uku babu sauƙi: duk waɗannan asibiti ne kai tsaye, ana tafe ana ba shi cokali in yana iya haɗiya. Gudawar da ta kai kwana 14 ma ta canza suna, sai likita ya duba. Haka yaron da ke fama da tamowa mai tsanani, nasa haɗin daban ne.

Zan sake saya, har na ajiye biyu a durowa bayan na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Amma duk wadda za ta saya ta ƙara ledar ORS biyu ko uku a kai, ta tanadi fiya wata bibbiyu, kuma in yaron kemis ya fara bayanin haɗi, ta karɓi ledar ta karanta lambar litar da idonta.